"Ya ba ta kuɗi" ko "ya ɓata kuɗi"? Abin da maƙogwaro yake yi ba mu sani ba (rubutaccen shirinmu na wannan makon)

Ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta ba su damar sauraro ba. Amma shirin yau na murya ne, don haka ko karantawa kake yi sai ka buɗe baki ka gwada abin da zan ce. In kana cikin keke ne ko bas, ka bari sai ka sauka, kada a ɗauka wani abu ya taɓa ka.

To, mu fara da jimla biyu. Ka faɗe su da ƙarfi: "ya ba ta kuɗi", sannan "ya ɓata kuɗi". Karin sautinsu ɗaya ne, tsawon wasulansu ɗaya ne, leɓɓanka kuma a wuri ɗaya suka haɗu a duka biyun. Amma ta farko kyauta ce ko biyan bashi, ta biyu zargi ne. To ina bambancin yake, tunda ba a leɓe ba ne, ba kuma a harshe ba? Yana can ƙasa, cikin maƙogwaro.

Ɗora yatsu biyu a kan zakaran wuyanka. Mata ma akwai shi, bai dai fito sosai ba ne. A bayan wannan guringuntsin akwai wasu 'yan naman guda biyu a kwance suna fuskantar juna, tsawonsu bai fi santimita 2 ba a wajen yawancin mutane. A littattafan nazarin Hausa irin na Farfesa Mu'azu Sani Zariya ana kiransu tantanin maƙwallato. Duk iskar da za ta fito daga huhu sai ta bi ta tsakaninsu. Yanzu ka ce "sssss", ka ja shi, sannan ka juya shi ya koma "zzzzz". Ka ji yatsunka sun fara karkarwa? Wannan ita ce ziza. Tantanin ne yake buɗewa yana rufewa da sauri, wajen sau 120 a daƙiƙa ɗaya ga namiji baligi, mace kuma wajen sau 200 ko fiye.

A sakandare iya nan aka tsaya mana: sauti ko dai mai ziza ne ko maras ziza. Kamar makunnin fitila, a kunne ko a kashe. Gaskiyar magana abin ya fi kama da kan famfo. Tsakanin a buɗe wangame da a rufe ruf akwai matakai, kuma kowane mataki da irin muryar da yake bayarwa. Wani masanin furuci, Peter Ladefoged, wanda ya taɓa koyarwa a Jami'ar Ibadan kuma ya fitar da littafi kan sautukan harsunan Afirka ta Yamma a 1964, shi ya shahara da jera matakan nan a layi ɗaya. Bari mu bi layin da bakinmu.

Idan tantanin ya buɗe sosai, iska ce kawai take wucewa, babu ziza, kamar "hhh" ɗin da kake hura wa gilashin tabarau kafin ka goge. Idan ya ɗan matso amma a sake, zai yi karkarwa, sai dai ba ya rufewa gaba ɗaya, iska tana ta zurarewa. Wannan zan kira shi murya mai huci. Ita ce muryar wanda ya hau bene hawa huɗu da gudu ya ce "waaash". Ka sa tafin hannunka a gaban baki ka ce "aaa" yadda ka saba, sannan ka sake faɗa da huci, za ka ji ɗumin iska ya ƙaru a hannunka. Akwai kuma gwajin agogo. Lafiyayyen mutum yana iya jan "aaa" na daƙiƙa 15 zuwa 20 da numfashi ɗaya. Da murya mai huci ba za ka je ko kusa ba, domin asarar iska kake yi.

Mataki na gaba shi ne muryar yau da kullum, wadda nake magana da ita yanzu, tantanin yana rufewa tsaf a kowane bugu, bugun kuma a jere yake daidai wa daida. Idan ka ƙara matse shi, sai ya yi kauri ya gajarce, ɗan ɓangare ne kawai yake motsi, bugun ya ragu ƙwarai, sau da yawa ƙasa da 70 a daƙiƙa, kuma ba a jere ba, har kunnenka yana iya tsinkayar su ɗaya-ɗaya kamar ƙarar tsohuwar ƙofar langa-langa. Wannan ita ce matsattsiyar murya. Muryar wanda aka tasa daga barci ya ce "waye?" Idan ka matse har ƙarshe, iska ta tsaya cak. Wannan kuma kowa ya san shi, shi ne hamzar da ke tsakiyar "a'a" da "sa'a" da "jama'a".

Yauwa. Duk ɗan Adam yana yin waɗannan muryoyin, ko da wane yare yake yi. Tambayar ita ce, a ina suke ɗaukar ma'ana? A wasu wuraren yanayin mai magana kawai suke nunawa: gajiya, rashin lafiya, lallashi, ko muryar da samari suke yi a waya bayan sha ɗayan dare, kun dai gane. Kalmar ba ta canza ba, mai faɗarta ne muka ƙara sani. Amma akwai harsunan da suka ɗauki wannan matsi ko sakin maƙogwaro suka mayar da shi harafi. Ka canza shi, ka canza kalma. Hausa tana cikinsu, kuma ɓangaren matsi ta ɗauka.

Baƙaƙenmu ɓ da ɗ da 'y su ne wurin. Mu ɗauki ɗ. Ka ce "daka", irin na turmi, sannan ka ce "ɗaka", irin na "tana ɗaka". Kan harshenka kusan wuri ɗaya ya taɓa, bayan haƙoran sama. Amma ka mayar da yatsunka kan zakaran wuya ka sake faɗa a hankali. A "ɗaka" za ka ji ya ɗan yi ƙasa, kamar za ka haɗiyi abu. Shi ya sa malaman Hausa suke kiran ɓ da ɗ haɗiyau. Abin da ke faruwa shi ne, ka toshe bakinka da harshe, ka matse tantanin, sai ka ja maƙogwaron gaba ɗaya ƙasa. Filin da ke cikin baki ya ƙaru, iskar da ke ciki ta yi sako-sako, don haka in ka saki harshe babu wata fashewa waje irin ta "d". A lokacin da maƙogwaron yake sauka kuma, 'yar iskar huhu tana kutsawa ta tsakanin matsattsen tantanin, sai a sami ziza mai ɗan ƙiƙi-ƙiƙi, wadda takan malalo har farkon wasalin da ke biye.

Wannan ba zato ba ne, an auna. A 1992 wasu masana uku, Geoffrey Lindsey da Katrina Hayward da ɗan Najeriya Andrew Haruna, sun wallafa bincike a Landan kan waɗannan baƙaƙen na Hausa, da na'urar da ake manna wa mutum a wuya tana nuna yadda tantanin yake haɗuwa yana rabuwa. Kafin su, a 1984, Mona Lindau ta auna Hausawa da dama ta ga ba duka suke yin ɓ da ɗ iri ɗaya ba. Wani matsin ne ya fi yawa a nasa, wani kuma har zizar takan ɗauke na ɗan lokaci. Ku riƙe wannan, domin ko tsakanin waɗanda aka haifa cikin Hausa babu ɗ guda ɗaya tilo da za a ce ita kaɗai ce daidai.

Ƙ da ts 'yan gida ɗaya ne da su, amma hanyarsu daban. A nan tantanin rufewa yake yi ruf, maƙogwaron ya yi sama maimakon ƙasa, ya tunkuɗo iskar da ke tare a baki. Su ne tunzuɗau. Ka ce "kafa" da "ƙafa" da yatsu a wuya, za ka ji tsallen. Ba zan daɗe a kansu ba, tunda su babu ziza a cikinsu.

Wanda ya fi burge ni shi ne 'y, domin shi matsattsiyar murya ce tsagwaronta. "Yaya" da "'ya'ya". Harshe yana yin abin da yake yi a "y" sak, babu toshewa, babu komai, matsin maƙogwaro ne kaɗai ya raba y da 'y. Kuma tarihinsa yana nan a bakin mutane har yau. Basakkwace ko Bakatsine zai ce "ɗiya" inda Bakano zai ce "'ya". Masana tarihin Hausa irin su Paul Newman sun nuna daga ɗiya ɗin ne 'ya ta fito. Wasalin tsakiya ya faɗi, taɓawar da harshe yake yi ta ɓace, abin da ya rage daga ɗ shi ne matsin nan kawai, ya hau kan y ya zauna. Wato harshen ya yar da komai ya riƙe matsin, domin shi ne yake ɗauke da ma'anar. A Nijar ma harafi guda suka ba shi, y mai ƙugiya, mu kuma a Najeriya muke sa masa waƙafi a sama.

Yanzu mu leƙa ɗaya ɓangaren, na huci, wanda Hausa ba ta amfani da shi wajen raba kalmomi. Duk wanda ya taso yana kallon fim ɗin Indiya ya sha jin sa bai sani ba. A harshen Hindi "bat" magana ce, "bhat" kuma dafaffiyar shinkafa. Wannan "h" ɗin ba wani harafi ba ne daban da ake faɗa bayan "b". Alama ce cewa lokacin da leɓɓa suka buɗe, tantanin a sake yake, yana karkarwa iska kuma tana zuba. Kalmar da muke ji a fim muna cewa "bai", wato ɗan'uwa, ainihinta "bhai" ce. Mu kunnenmu "b" ɗaya yake ji, Ba'indiye kuwa biyu yake ji, nesa da juna kamar yadda b da ɓ suke a wajenmu. A Sudan ta Kudu, harshen Dinka a kan wasali yake ɗora abin, har a rubutu suna sa ɗigo biyu a kan wasali mai huci. A Denmak kuma matsi ne irin namu yake raba kalmar "uwa" da kalmar "kisan kai". Kun ga ba ƙaramin abu ba ne.

To me ya sa ɗan gwagwarmayar matasa yake ɓata lokacin shiri a kan maƙogwaro? Saboda inda muke zaune. Mu da ke kudancin kogin Kaduna, daga Kakuri da Makera zuwa Barnawa, Narayi, Unguwar Talbijin da Sabon Tasha, Hausa ce take haɗa mu a kasuwa da tasha da filin ƙwallo, amma ga da yawanmu ba ita ce ta cikin gida ba. Tun da aka buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957 mutane suke ta zuwa daga ko'ina, ga Gbagyi da aka tarar a wurin, ga Bajju, Atyap, Ham, Adara, Tibi, Idoma, Yarbawa, Ibo. Bayan rikicin 2000 da na 2002 garin ya rabu, kogin ya zama kamar iyaka, yaran da a da za su taso layi ɗaya suka taso ba sa jin bakin juna kullum. Sai ya zama Hausar da ake yi a nan, a bakin mutane da yawa, ba ta raba d da ɗ, b da ɓ, k da ƙ. Za ka ji "dan'uwa", "kudi", "karfe biyu". Kuma mun san abin da ke biyo baya idan mutum ya tsallaka gada ya buɗe baki: murmushi, kwaikwayo, wani lokacin ma a canza masa farashi. Kafin ya faɗi sunansa an riga an yanke daga ina yake, har da inda yake ibada. To kun ga matsin maƙogwaron nan ma'ana biyu yake ɗauka a garin nan. Yana raba kalma da kalma, yana kuma raba mutum da mutum.

Har kalma muke da ita ta wannan raini, "gwaranci", wadda aka ciro daga sunan da Hausawa suke kiran Gbagyi. Ni dai ba na amfani da ita. Abin dariyar ma shi ne, sunan "Gwari" kansa shaida ne cewa bakin Bahaushe ya kasa furta "gb" ɗin da ke farkon sunan mutanen.

Kuma abin ba lalaci ba ne, ba kuma taurin kai ba. A 1984 wata mai bincike a Kanada, Janet Werker, da abokin aikinta sun gwada jarirai 'yan gidajen da Ingilishi kawai ake yi. Suna da wata 6 zuwa 8 suna iya bambance wasu sautukan Hindi da iyayensu ba sa ji. Zuwa wata 10 zuwa 12 yawancinsu sun daina. Kunne yana zaɓar bambancin da harshen gida yake buƙata, ya yi watsi da saura, tun kafin yaro ya fara tafiya sosai. Wanda ya taso da harshen da babu ɗ, in ka ce masa "ba daka ba, ɗaka", abu ɗaya ya ji sau biyu. Daidai yadda kai ka ji "bat" da "bhat".

Yawancin lokaci ba a samun matsala, domin sauran zancen yana fayyace nufi. Wanda ya ce "kudin mota nawa ne" babu wanda zai rikice. Matsalar tana zuwa ne a inda duka ma'anonin biyu za su iya zama. A wata ƙungiyar matasa da nake ciki an taɓa tara kuɗin gyaran rijiyar burtsatse, aka damƙa wa ma'aji ya kai wa matar da za ta sayo kayan. Wani ya tambaya a zauren WhatsApp ina aka kwana, sai aka ba shi amsa da "ai ya bata kudin". Mai rubutun "ya ba ta" yake nufi. Wayarsa ba ta da ƙugiya, ya kuma haɗe kalmomin biyu kamar yadda kusan kowa yake yi. Rabin zauren suka karanta "ya ɓata". Kafin la'asar an fara maganar a kira taron gaggawa, ma'ajin kuma yana wurin aiki bai ma san ana yi ba. Wani ya ce a turo saƙon murya a huta. Aka turo, sai ga shi wanda ya turo ɗin yana cikin waɗanda b da ɓ ɗaya ne a bakinsu. Sai da matar da kanta ta rubuto cewa kuɗi suna hannunta ƙura ta lafa. Ga kuma wanda ya fi wannan nauyi: "bari" da "ɓari". A asibiti, ko a saƙon da za ka tura wa dangi, wannan ba wurin kuskure ba ne.

Ta ɓangaren rubutu maganin mai sauƙi ne. Baƙaƙe masu ƙugiya sun shigo bokon Hausa tun shekarun 1930, kuma yau idan ka ƙara Hausa a cikin harsunan Gboard za ka same su. Ka kuma raba "ba" da "ta".

Ta ɓangaren baki kuwa, ga yadda nake koya wa abokaina da suka nema, kuma na ce waɗanda suka nema, ba waɗanda aka tsare da gyara a gaban mutane ba. Kada ka fara da ɗ. Fara da "a'a", wanda kowa a Kaduna ya iya. Faɗe shi a hankali har ka ji inda iska take tsayawa a wuya. Sai ka sake faɗa amma kada ka rufe gaba ɗaya, ka bar 'yar ƙofa, za ka ji ƙiƙi-ƙiƙin nan ya fito. In ka samu wannan, ka riƙe shi ka ce "ya" a cikinsa. Ka sami "'ya" ke nan. Shi ya fi sauƙi domin babu saukar da maƙogwaro a ciki. Daga nan ka rufe leɓɓa, ka yi kamar za ka kwaikwayi ƙarar ruwa yana fita daga jarka, gul-gul, yatsunka a wuya har ka ji zakaran ya sauka, sai ka buɗe baki da "a". Wannan ita ce "ɓa". Ɗ ita ce ta ƙarshe, abu ɗaya ne amma da harshe a maimakon leɓe.

Kurakurai biyu ake yi. Na farko, mutum ya ɗauka ƙarfi ake nema, sai ya buga "d" da ƙarfi. Gwajin shi ne tafin hannu a gaban baki: in ka ji iska ta bugo ka, d ce har yanzu, domin ɗ kusan ba ta fitar da komai. Na biyu, ya matse fiye da kima har tantanin ya rufe, zakaran ya yi sama, sai wani abu mai kama da "t" mai tsalle ya fito. In yatsunka sun ji hawa maimakon sauka, ka koma baya. Wanda yake da kwamfuta kuma yana son ya gani da idonsa, akwai manhaja kyauta mai suna Praat, wadda Paul Boersma da David Weenink na Jami'ar Amsterdam suka yi. Ka ɗauki muryarka kana jan "aaa" iri uku ka buɗe. Ta yau da kullum za ka ga layukan bugun a jere kamar haƙoran matsefi. Matsattsiya za ka ga sun yi nesa da juna, tazarar kuma ba daidai ba. Mai huci kuma za ka ga kamar an watsa ƙura a saman hoton.

Abu ɗaya kafin mu rufe, musamman ga 'yan'uwana masu riƙe lasifika a gangami, da malaman makaranta, da kwandastoci, da masu waƙa a coci ko Islamiyya. Duk abin da na faɗa a kan muryar da kai ka ga dama ka yi ne, kana iya shiga kana iya fita. Idan huci ko dishewa ya zauna maka ba da sonka ba har ya wuce mako uku zuwa huɗu, ba mura kake yi ba, wannan alama ce tantanin ba ya rufewa yadda ya kamata, wataƙila wani ɗan ƙulli ya fito a kansa saboda yawan ihu, ko wani abin daban. Zuma da citta ba za su nuna maka mene ne ba. Likitan kunne da hanci da maƙogwaro ne yake da abin leƙawa ya gani, kuma muna da Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa a nan cikin Kaduna.

Wanda harshen gidansu yake da wani abu irin wannan, kalmomi biyu da huci ko matsi ne kaɗai ya raba su, ya turo mana saƙon murya da ma'anar kowacce, za mu sa a shiri na gaba. Fulani na san kuna da ɓ da ɗ da 'y, ku nake fara jira. Sai mun haɗu.